Ɗalibi Dubu a Makaranta Arba'in: Yadda Ake Zaɓar Yaran da Za a Gwada

Daga Funtua a kudancin Jihar Katsina zuwa Daura a arewa tafiya ce mai cin yini, kuma tsakaninsu akwai Malumfashi da Kankiya da Dutsin-Ma da ƙauyukan da mota ba ta shiga idan ruwa ya sauka. Jihar tana da ƙananan hukumomi 34. Idan hukumar ilimi ta so sanin yara nawa ne a aji huɗu na firamare suke iya karanta ɗan gajeren labari da Hausa su kuma faɗi abin da ya ƙunsa, ba ta da kuɗi ko lokacin zaunar da kowane yaro. Dole ta ɗebi wasu, ta gwada su, ta yi magana a kan sauran da sakamakonsu. Waɗanda aka ɗiba su ne samfur, kuma yadda aka ɗebo su shi ke nuna ko alƙaluman da za a karanta a rediyo gaskiya ne ko kame-kame.

Mutane da yawa suna zaton yawan waɗanda aka tambaya shi ne komai. A 1936 wata mujallar Amurka mai suna Literary Digest ta aika takardun tambaya kusan miliyan 10 don sanin wanda zai ci zaɓen shugaban ƙasa, mutum sama da miliyan 2 suka amsa, ta kuma sanar cewa Alf Landon ne zai kayar da Franklin Roosevelt. Da aka kaɗa ƙuri'a Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta kwaso sunaye ne daga kundin masu tarho da masu mota, a zamanin da talaka ba shi da ko ɗaya, sannan waɗanda suka ga damar mayar da amsa sun fi karkata ga ɓangare guda. George Gallup, da mutanen da ba su kai ko kusa da wannan yawa ba, ya faɗi wanda zai ci daidai.

Masana ƙididdiga suna da manyan hanyoyi huɗu na ɗiban samfur: zaɓen ƙuri'a zalla, zaɓen tsallake, zaɓen rukuni-rukuni, da zaɓen gungu. Don a ga bambancinsu a aikace, a ɗauka, a matsayin misali kawai, cewa jihar tana da yara 200,000 a aji huɗu, a makarantu 2,000, kuma kuɗin da aka ware zai isa a gwada yaro 1,000.

Zaɓen ƙuri'a zalla shi ne mafi sauƙin fahimta. A rubuta sunan kowane yaro, a ba shi lamba daga 1 zuwa 200,000, a sa kwamfuta ta fitar da lambobi 1,000 ba tare da sa hannun kowa ba. Ɗan Sabuwar Unguwa a birnin Katsina da ɗan ƙauyen da ke bakin iyakar Nijar damarsu ɗaya: ɗaya cikin 200. Idan aka yi haka, kuma rabin yaran da aka gwada suka iya karatun, lissafi ya nuna cewa ainihin adadin a jiha baki ɗaya ba zai yi nisa da kashi 50 cikin ɗari ba fiye da maki 3 sama ko ƙasa, a bincike 95 cikin kowane 100 da aka yi ta wannan hanya. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne wannan tazarar kuskure ba ta damu da girman jihar ba. Da yaran miliyan biyu ne, yaro 1,000 ɗin nan zai ba da kusan wannan tabbacin.

A kan takarda ba abin da ya fi wannan kyau, amma a ƙasa ba ya yiwuwa. Da farko sai an sami cikakken jerin sunayen yara 200,000, sabo, babu maimaici, babu wanda ya bar makaranta tun bara. Ƙidayar makarantu ta shekara-shekara takan ba da sunan makaranta da yawan ɗalibanta, amma sunayen yaran suna cikin rajistar aji a ofishin hedimasta. Ko da an sami jerin, ƙuri'a za ta warwatsa yaran nan dubu a makarantu kusan 800, mafi yawansu yaro ɗaya tak a makaranta. Ma'aikaci zai hau babur ya yi tafiyar awa biyu don ya saurari karatun yaro guda na minti goma, ya tarar kuma yaron ya tafi gona. Kuɗin mai kaɗai ya cinye kasafin.

Zaɓen tsallake ɗan'uwan ƙuri'a ne, sai dai ya fi ta sauƙin aiki da hannu. A raba yawan yara da yawan da ake so, a sami tazara. A jefa ƙuri'a sau ɗaya don sanin inda za a fara, daga nan a riƙa tsallakawa. A aji mai yara 80 da ake son 10, tazarar 8 ce. Idan ƙuri'a ta faɗa kan 3, za a ɗauki na 3 a rajista, da na 11, da na 19, da na 27, har zuwa na 75. Ma'aikaci zai iya yin wannan a tsaye da biro, mai duba aikinsa kuma zai iya buɗe rajistar bayan wata guda ya tabbatar ba a yi coge ba.

Haɗarinsa ɗaya ne, kuma yana ɓoye a cikin jerin. Idan malamin ajin ya rubuta rajistarsa namiji, mace, namiji, mace, to tazarar 8 da ta fara daga na 3 za ta faɗa kan 11 da 19 da 27, duka lambobin maza, ba yarinya ko ɗaya. Haka idan aka bar rajista aka ƙirga yara a inda suke zaune, huɗu-huɗu a benci: tazarar 8 za ta riƙa faɗawa kan wuri ɗaya a kowane benci na biyu, in kuwa malami yana zaunar da masu ƙoƙari a bakin hanya don su riƙa fita allo, su kaɗai za a kwashe ko kuma su kaɗai za a tsallake. Maganin shi ne a dubi jerin kafin a fara, a kuma ƙirga maza da mata cikin waɗanda suka fito. In jerin ba ya maimaita kansa, sai dai ya tashi daga ƙanana zuwa manya, ko daga kudu zuwa arewa, to tsallake ya ma fi ƙuri'a, domin yana bi ta kowane sashe na jerin ya ɗebo.

Zaɓen rukuni-rukuni kuwa ya samo asali ne daga wani abin da ƙuri'a ba ta da tabbas a kansa. Ƙuri'a ba ta son kai, amma tana iya yin rashin sa'a: ta kwaso 'yan birni fiye da kima, ko ta kusan tsallake makarantun 'ya'yan makiyaya gaba ɗaya. Mai bincike ya riga ya san cewa makarantar birni da ta ƙauye sun bambanta, ta gwamnati da ta kuɗi sun bambanta, to me zai sa ya bar wa sa'a abin da ya sani? Sai ya kasa yaran kashi-kashi tun farko, ya yanke yawan da zai ɗiba daga kowane kashi, sannan ya jefa ƙuri'a a cikin kowanne daban. Masanin lissafi ɗan Poland, Jerzy Neyman, shi ne ya kafa hujjar wannan hanya a wata maƙala da ya gabatar a Landan a 1934, inda ya nuna fifikon ƙuri'a a cikin rukunai a kan zaɓen da mai bincike ke yi da ganin damarsa.

A misalin nan, a ce yara 180,000 suna makarantun gwamnati, 20,000 suna masu zaman kansu. Rabon da ya bi yawa shi ne 900 da 100. Amma yaro 100 ya yi kaɗan idan ana son a faɗi wata magana mai ƙarfi a kan makarantun kuɗi su kaɗai, don haka sai a ƙara musu da gangan: 400 daga cikinsu, 600 daga na gwamnati. Wannan halal ne, muddin an biya bashinsa a wajen lissafi. Kowane yaron makarantar kuɗi yana wakiltar yara 50, na gwamnati kuwa yana wakiltar 300. A ce kashi 70 na 'yan makarantun kuɗi sun iya karatun, na gwamnati kashi 30. Wanda ya haɗa takardun dubu ya ƙirga kawai zai sami 280 da 180, wato 460, ya sanar cewa kashi 46 na yaran jihar suna karatu. Wanda ya ba kowane yaro nauyinsa zai sami 14,000 da 54,000, wato 68,000 cikin 200,000, kashi 34. Maki goma sha biyu ke nan suka shigo ta ƙofar mantuwa, kuma irin wannan mantuwa takan faru idan wanda ya tsara samfur daban, wanda ya rubuta rahoto daban.

Rukuni yana da amfani ne kawai idan abin da aka kasa da shi yana da alaƙa da abin da ake aunawa. Birni da ƙauye, gwamnati da kuɗi, shiyyar Funtua da ta Daura da ta Katsina, duk suna da ma'ana. Kasa yara bisa harafin farko na sunansu ba zai ƙara komai ba.

Har yanzu dai ba a magance matsalar babur da mai ba. Wannan aikin zaɓen gungu ne, kuma a nan ne ake yin kuskuren da ya fi tsada. Maimakon a zaɓi yara, sai a zaɓi makarantu ta ƙuri'a, a je kowacce a gwada aji guda ko wasu yara daga ciki. Ba a bukatar sunan kowane yaro a jiha, jerin makarantu ya isa. Makaranta 40, yara 25 a kowacce, an sami 1,000, ƙungiyoyi huɗu na ma'aikata su gama cikin mako biyu. Kowane mai riƙe da kasafi zai so wannan.

Sai dai yaro 1,000 na makaranta 40 ba daidai yake da yaro 1,000 na ƙuri'a ba. Ɗan kasuwar da zai sayi buhun masara ɗari a Dawanau ba zai tsaya kan buhu biyu ya yi ta ɗiban hannu ashirin-ashirin ba, don abin da ke cikin buhu ɗaya daga gona ɗaya ya fito. Gara ya soki buhu arba'in sau ɗaya-ɗaya. Yaran makaranta ɗaya malaminsu ɗaya, littafinsu ɗaya ko rashinsa, iyayensu kusan sana'a ɗaya. Idan malamin aji biyu ya yi shekara ba ya zuwa, dukkansu abin ya shafa. Bayan an saurari biyar daga cikinsu, na shida ba sabon labari mai yawa zai kawo ba.

Leslie Kish na Jami'ar Michigan, a littafinsa na 1965 kan ɗiban samfur, ya yaɗa wata hanya mai sauƙi ta auna wannan asara. Ana ɗaukar yawan yaran da aka gwada a kowace makaranta, a cire ɗaya, a ninka da ma'aunin kamannin da ke tsakanin yaran makaranta ɗaya, a ƙara ɗaya. Ma'aunin yana tashi daga sifili, inda yaran makaranta ɗaya ba su fi kama da juna ba a kan baƙi, zuwa ɗaya, inda duk sakamakonsu iri guda ne. A gwajin karatu da lissafi ba abin mamaki ba ne a same shi a 0.2, a ƙasashen da makarantu suka yi nisa da juna a inganci ma yakan wuce haka. Da 0.2 da yara 25, lissafin zai zama 24 sau 0.2, wato 4.8, a ƙara ɗaya ya zama 5.8. A raba 1,000 da 5.8, sai a ga cewa yaran nan dubu ƙarfin shaidarsu bai wuce na yara 172 da aka zaɓa ta ƙuri'a zalla ba. Tazarar kuskure ta tashi daga maki 3 zuwa sama da 7. Kashi 50 da aka sanar yana iya zama 43, yana iya zama 57.

Abin da hankali ke fara kawowa shi ne a ƙara yara. To, a ninka su: yara 50 a kowace makaranta cikin arba'in ɗin nan, jimilla 2,000. An ninka takardu, an ninka kwanakin gwaji, amma ƙarfin shaida ya tashi ne daga 172 zuwa 185 kacal. Ko an gwada kowane yaro a makarantun nan, ba za a wuce 200 ba. Yanzu a juya abin: a bar yaran a 1,000, amma a baza su a makaranta 100, goma-goma. Tara sau 0.2 shi ne 1.8, a ƙara ɗaya ya zama 2.8, ƙarfin shaida ya kai 357, tazarar kuskure ta sauko zuwa maki 5. Yara ba su ƙaru ba, amma tabbaci ya ninka. A binciken ɗalibai, kuɗin da aka kashe wajen isa wata sabuwar makaranta ya fi wanda aka kashe wajen ƙara yara a wadda aka riga aka shiga amfani nesa ba kusa ba.

Shi ya sa manyan gwaje-gwajen duniya suke kafa sharaɗi a kan yawan makarantu. PISA, wanda ƙungiyar OECD ta fara a 2000 don yara 'yan shekara 15, yana neman aƙalla makaranta 150 a ƙasa, da yara 'yan talatin da wani abu zuwa arba'in da 'yan kai a kowacce. TIMSS, na lissafi da kimiyya, shi ma makaranta 150 yake nema, amma yakan ɗauki aji sukutum. PASEC, wanda ƙasashe masu amfani da Faransanci suke yi, ya shafi ƙasa goma a 2014, ciki har da Nijar da Chadi da Kamaru, kuma tsarinsa na ajin ƙarshen firamare ya tsaya ne a kan makarantu wajen 180 da yara 20 a kowacce. Babu ɗaya daga cikinsu da ya zaɓi hanya guda ya yar da ukun. Suna kasa makarantu rukuni-rukuni, su jera su, su zaɓa da tsallake, kowace makaranta ta zama gungu, sannan a jefa ƙuri'a a cikinta.

Akwai wata dabara a wajen zaɓen makarantun da ta cancanci a tsaya a kanta. Makarantu ba girmansu ɗaya ba: wata a cikin gari tana da 'yan aji huɗu 400, wata a ƙauye 40. Idan aka ba su dama ɗaya, aka kuma ɗebi goma daga kowacce, ɗan ƙaramar makaranta ya fi ɗan babbar damar fitowa sau goma, samfur ya cika da 'yan ƙananan makarantu. Don haka sai a jera makarantun ana tara yawan yaransu, ta farko daga 1 zuwa 400, ta biyu daga 401 zuwa 440, haka har 200,000. Ana son makaranta 100, tazara ta zama 2,000. A jefa ƙuri'a tsakanin 1 da 2,000, a ce ta ba da 730: makarantar da lamba 730 ta faɗa cikinta an zaɓe ta, sai mai 2,730, sai mai 4,730. Babbar makarantar damarta ɗaya cikin 5, yaronta kuma 10 cikin 400, in an haɗa ɗaya cikin 200. Ƙaramar damarta ɗaya cikin 50, yaronta 10 cikin 40, shi ma ɗaya cikin 200. Kowane yaro a jihar ya dawo da dama ɗaya, alhali makaranta 100 kawai za a taka.

Duk wannan tsari yana iya rushewa a ƙofar makaranta cikin minti biyar. Ma'aikata sun iso, hedimasta ya tarbe su da fara'a, ya ce bari ya kawo musu yara goma. Ba mugunta yake nufi ba, yana son a ga makarantarsa da kyau, kuma waɗanda zai kawo su ne masu ɗaga hannu a aji. Ma'aikacin da ya san aikinsa zai yi godiya, ya roƙi rajista, ya yi ƙuri'arsa a gaban kowa. In yaron da ya fito bai zo ba, ba a cike gurbinsa da wanda ke kusa. A rubuta cewa bai zo ba, a sake dawowa idan da hali. Yaron da ke fashi ranar kasuwa ko lokacin shuka da girbi sau da yawa shi ne wanda karatunsa ya fi rauni, kuma duk binciken da ya tsallake irinsa zai nuna jihar ta fi yadda take. Haka ma makarantar da ƙuri'a ta faɗa kanta a bayan rafi: musanya ta da ta bakin kwalta don sauƙin direba ha'inci ne, ko da ba wanda ya yi niyyarsa. Bincike mai kyau yakan ware makarantar maye tun a ofis, mai kama da ta farko a girma da rukuni, in kuma rashin tsaro ya hana shiga wani yanki, a rubuta sunan yankin a rahoto, a ce sakamakon bai shafe shi ba.

Sannan akwai iyakar da babu dabarar ƙuri'a da za ta tsallake. Samfur yana magana ne a kan waɗanda ke cikin jerin da aka ɗebo shi. Almajirin tsangaya, da yarinyar da ke talla ba a taɓa rubuta sunanta a rajista ba, da ɗan makarantar kuɗin da ba ta yi rajista da hukuma ba, duk ba sa cikin jerin makarantu. Mai son sanin halinsu sai ya bi gida-gida, kamar yadda binciken MICS na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da UNICEF yake yi. Rahoton da ya gwada ɗalibai sannan ya ce "yaran jiha" ya faɗi abin da bai auna ba.

Iyaye da 'yan jarida da 'yan majalisa ba sa bukatar iya wannan lissafi kafin su kare kansu daga alƙaluman bogi. Duk ranar da aka ce bincike ya nuna kashi kaza na ɗalibai sun iya karatu ko ba su iya ba, mai karatu ya tambayi makaranta nawa aka shiga, a waɗanne garuruwa, wa ya zaɓi yaran, kuma nawa ne ba a samu ba ranar gwajin. Idan masu rahoton ba su da amsa, kada a gina aji ko a sauya wa malami wurin aiki a kan maganarsu.